Hoton Jadawali Ya Koma Excel Cikin Daƙiƙa Biyar: A Ina Kuskuren Yake Ɓuya?

Tun da wayoyi da kwamfutoci suka iya ciro rubutu daga cikin hoto, wata magana ta yaɗu cewa zamanin sake buga rubutu da hannu ya wuce. A turo maka hoton allo na jadawali, ka danna nan, ka danna can, sai ga shi a Excel. Wasu kuma da suka gwada suka ƙone hannu cewa suke yi abin shirme ne, gara mutum ya zauna ya buga kayansa. Kowane ɓangare yana da abin da ya gani. Tambayar da ta fi amfani ita ce: idan manhaja ta mayar da hoto rubutu, wane ɓangare na aikinta za a amince da shi, wane ne kuma sai an bincika, kuma ta yaya za a bincika ba tare da an sake karanta kowane harafi ba?

Me kwamfuta take gani a cikin hoto?

Rubutun da ka buga a kwamfuta, kowane harafi yana da lambarsa a ajiye. Sifili da babban harafin O suna kama a ido, amma a wurin kwamfuta lambar ɗaya 48 ce, ta ɗayan 79, ba ta taɓa haɗa su. Da zarar ka ɗauki hoton allo, waɗannan lambobi sun tafi. Abin da ya rage ɗige-ɗige ne masu launi, waɗanda ake kira fikzil, jere da juna. Babu harafi a ciki, babu gidan jadawali, babu lissafin da ke bayan jimilla.

Fasahar da ke ƙoƙarin dawo da haruffan ita ake kira OCR. Tana duban siffar ɗige-ɗigen ta ce wannan ya fi kama da 8, wancan ya fi kama da B. Wato hasashe take yi, kuma galibi tana dacewa. Ba sabon abu ba ne. Tesseract, wadda tana cikin sanannun manhajojin wannan aiki, kamfanin HP ne ya fara ƙera ta a 1985, aka sake ta kyauta ga kowa a 2005. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne fasahar ta shigo aljihu: Apple ya sa Live Text a iOS 15 a 2021, Google Lens yana wayoyin Android, Snipping Tool na Windows 11 ya samu Text actions a 2023.

Ga wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Waɗannan manhajoji suna jingina da sanin harshe. Idan harafi ɗaya ya dushe a tsakiyar kalma, sauran haruffan suna taimaka musu su cike gurbin. Lamba kuwa ba ta da maƙwabcin da zai yi mata shaida. 380 lamba ce mai kyau, 330 ma haka. Shi ya sa manhajar da za ta karanta sakin layi guda ba tuntuɓe take iya yin kuskure a jadawalin da bai kai rabinsa ba. Jadawali da saƙon kuskure na kwamfuta, abubuwa biyu da ake yawan ɗaukar hotonsu, su ne daidai inda wannan taimako ya fi ƙaranci. Idan kuma rubutun na Hausa ne, a sa ido a kan ƙ da ɗ da ɓ, domin sau da yawa lanƙwasar takan faɗi a hanya, ƙasa ta dawo kasa.

Kafin a taɓa kowace manhaja

Abu na farko shi ne a tambaya ko asalin rubutun yana nan. Idan wanda ya turo hoton yana da fayil ɗin, roƙonsa ya turo shi ya fi duk wata dabara. Idan jadawalin a shafin intanet yake, a zaɓe shi a kwafa kai tsaye. Idan PDF ne, a gwada jan linzami a kan rubutun. In ya zaɓu, to rubutu ne na gaske, kuma Excel na Microsoft 365 a Windows yana iya ɗauko shi ta Data > Get Data > From File > From PDF.

Idan babu makawa sai hoton, ingancinsa ne zai yanke yawan wahalar da za a sha. Allon kwamfuta na yau da kullum ana lissafa shi a kan ɗigo 96 a kowane inci, alhali Tesseract ta fi jin daɗin hoto mai ɗigo 300. Ƙaramin rubutun jadawali a irin wannan allo tsayinsa bai fi ɗigo goma ba, kuma a wannan girma ɗigo biyu ko uku ne kawai suka raba 3 da 8. Maganin mai sauƙi ne: a ƙara girman shafin zuwa kashi 150 ko 200 cikin ɗari kafin a ɗauki hoton, ko da hakan zai sa a ɗauka sau biyu. Faɗaɗa hoton bayan an riga an ɗauka yana ɗan taimakawa, amma ba ya dawo da ɗigon da ba a ɗauka ba tun farko.

A yanke hoton ya tsaya a kan jadawalin kaɗai, domin duk rubutun da ke gefe zai kutso cikin sakamakon. A adana shi a matsayin PNG, saboda JPEG yana cakuɗa gefen haruffa. Hoton da ya bi ta manhajar hira irin su WhatsApp an matse shi, sai dai in an tura shi a matsayin fayil. Mafi muni duka shi ne a ɗaga waya a ɗauki allon kwamfuta: ga karkata, ga ƙyalli, ga layukan nan masu kama da igiyar ruwa.

Karanta haruffa daban, gane jadawali daban

Nan ne aka fi samun rashin fahimta. Mutum ya buɗe hoton da Live Text ko Google Lens, ya kwafa, ya liƙa a Excel, sai ya ga komai ya taru a layin tsaye guda, ko kuma lambobin sun jeru sama da ƙasa ba tsari. Sai ya ce manhajar ba ta aiki. Ta yi aikinta na karanta haruffa. Gano cewa wannan lamba ta gida na uku ce a layi na bakwai wani aiki ne na biyu, kuma ba kowace manhaja ce aka gina don shi ba. Google Drive misali ne: idan ka ɗora hoto ka zaɓi Open with > Google Docs zai ciro rubutun, amma su kansu sun faɗa cewa da wuya ya gane jadawali.

Wanda aka gina don jadawali shi ne na cikin Excel. A kwamfuta mai Microsoft 365 yana ƙarƙashin Data > From Picture, inda za ka zaɓi Picture From File ko Picture From Clipboard. Bayan ya karanta, yakan nuna jadawalin a gefe, ya yi wa gidajen da yake shakka alama don ka duba kafin ka danna Insert Data. Alamar tana da amfani, sai dai gidajen da ya yi shakka kawai take nunawa. Wanda ya karanta ba daidai ba kuma ya gamsu da kansa, shiru zai wuce.

Mai son aikin ya tsaya a cikin kwamfutarsa, musamman in jadawalin na ɗauke da sunayen mutane ko sirrin wurin aiki, yana iya amfani da Tesseract, tunda From Picture na Excel sai da intanet yake aiki:

```
tesseract hoto.png sakamako --psm 6 -c preserve_interword_spaces=1
```

Wannan umarni zai karanta hoto.png ya fitar da rubutu a fayil mai suna sakamako.txt, layi-layi tare da tazarar da ke tsakanin lambobi, sai a raba shi a Excel da Data > Text to Columns. A wannan hanya akwai tarko guda da ya kamata a sani, wato gidan da babu komai a ciki. A ce layi yana da gida huɗu, na uku fanko ne. Idan aka raba rubutun bisa tazara, lambar gida na huɗu za ta matso ta zauna a na uku, na huɗun ya zama fanko. Kowace lamba an karanta ta daidai, amma ta shiga gidan da ba nata ba. Haka ma gidan da rubutunsa ya yi tsawo ya naɗe zuwa layi biyu, sau da yawa yakan fito a matsayin layuka biyu daban. Kan jadawali mai haɗaɗɗun gidaje ma yana rikita lissafin, har ni na fi son in yanke shi daga hoton in buga shi da hannu, tunda kalmomi huɗu ko biyar ne.

Jadawali guda, daga farko har ƙarshe

Mu ɗauki misali. An turo hoton jadawalin ɗakin ajiya mai kaya iri 24. Layukan tsaye huɗu ne: A lambar kaya, B abin da ya shigo, C abin da ya fita, D abin da ya rage. A ƙasa akwai jimilla, kuma ta D a hoton 9,460 ce. An mayar da shi Excel, kai yana layi na 1, kayan suna layi na 2 zuwa 25. A ido komai fes.

Kada a fara da karanta gida-gida. Gidaje 96 ne, ido kuma yana ganin abin da yake tsammani ne. A fara da ƙirga layuka: 24 a hoto, 24 a Excel. Da sun zama 25, an san wani ya rabe biyu. Sai a share jimillar da manhajar ta kwafo, domin ita ma lamba ce da aka karanta daga hoto, a sa ta gaske:

```
=SUM(D2:D25)
```

Ta ba da 8,105. An rasa 1,355, kuma babu wani gida mai wannan adadi, alamar kuskuren ya fi ɗaya. Mataki na gaba shi ne a tambayi Excel gidaje nawa ne yake ɗauka a matsayin lamba:

```
=COUNT(D2:D25)
=COUNTA(D2:D25)
```

COUNTA, mai ƙirga duk gidan da ba fanko ba, ya ce 24. COUNT, mai ƙirga lambobi kaɗai, ya ce 23. Ke nan gida ɗaya rubutu ne da ya yi shigar lamba, kuma SUM ba ya ƙorafi a kan irinsa, tsallake shi kawai yake yi. Gano shi ba wuya: Excel yana jingina lamba a dama, rubutu a hagu, muddin ba a sauya tsarin ba. A layi na 9 sai ga 1,3O5 ya raɓe a hagu shi kaɗai. Harafin O ne ya zauna a kujerar sifili, kuma kama da wane ba ta wane. An gyara shi zuwa 1,305, jimilla ta koma 9,410.

Saura 50. Wannan shi ne kuskuren da ya fi haɗari, domin lamba ce ta koma wata lamba. COUNT ba zai kama shi ba, ba zai raɓe a hagu ba. Amma jadawalin yana da doka a cikinsa: abin da ya shigo, a cire abin da ya fita, dole ya zama abin da ya rage. Sai a buɗe layin tsaye na E a rubuta wannan, a ja shi har ƙasa:

```
=B2-C2-D2
```

Ko'ina sifili, ban da layi na 17 da ya ba da 50. An shigo da 500, an fitar da 120, Excel yana cewa saura 330. A koma hoton, a faɗaɗa wannan gida kaɗai: 380 ne, an karanta 8 a matsayin 3. An gyara, jimilla ta zama 9,460, ta yi daidai da ta hoton.

Ko da babu wannan doka, bambancin kansa yana ba da haske. Ratar 50 tana nufin wata lamba a gurbin gomomi ta sauka da biyar, kuma lambobin da suke kama da juna da wannan tazara su ne 8 da 3, 6 da 1, 5 da 0. Maimakon duba gidaje 24, sai a duba waɗanda gomominsu 3 ne ko 1 ko 0. Idan kuma jimilla ta kumbura fiye da hankali, a nemi ɗigon da ya ɓace, inda 12.5 ya zama 125. Ɗigo da waƙafi su ne mafi ƙanƙanta a cikin hoto, su ake fara rasawa.

Jimilla tana da iyakarta. Kuskure biyu suna iya cinye juna, ɗaya ya ƙara 50, ɗaya ya rage 50. Shi ya sa binciken layi-layi na E ya fi ƙarfi, kuma in akwai duka biyun a yi duka biyun.

Ɓarnar da Excel yake yi da kansa

Layin A bai shiga duk wannan bincike ba, domin ba a tara lambar kaya. Kuma a nan laifin ba na mai karanta hoto ba ne. A hoton an rubuta 00417, manhajar ta karanta daidai, amma Excel ya ɗauke ta a matsayin adadi ya zubar da sifilan gaba, ta zama 417. Idan duk lambobin guda biyar-biyar ne ana iya dawo da su:

```
=TEXT(A2,"00000")
```

Idan tsayinsu ya bambanta, babu yadda za a san sifili nawa aka zubar sai an koma hoto.

Akwai wadda ta fi wannan. Excel ba ya riƙe fiye da lambobi 15 a cikin adadi guda. Lambar shaida mai guda 16 za ta fito da siffa irin 4.52E+15, kuma ta ƙarshen ta riga ta koma sifili, sauya tsarin gidan daga baya ba zai dawo da ita ba. Lamba irin 3-4 kuwa, yakan mayar da ita kwanan wata. Riga-kafin duka ukun ɗaya ne: a mayar da layin tsayen Text kafin a liƙa komai a ciki, ko kuma in ana amfani da Text to Columns a zaɓa masa Text a mataki na uku. Bayan haka a auna tsayin kowace da `=LEN(A2)`, duk wadda ta bambanta da 'yan'uwanta a duba ta. Irin wannan layi shi ne ya cancanci a bi shi da ido ɗaya bayan ɗaya, tunda lissafi ba zai kare shi ba.

Saƙon kuskure

A nan rubutun gajere ne, amma harafi guda yana iya kai mutum wani gari. A Windows, 0x80070008 yana nufin ma'ajiyar aiki ta kwamfuta ba ta isa ba. 0x8007000B kuma yana nufin an yi ƙoƙarin buɗe manhajar da tsarinta bai dace ba. Bambancinsu 8 da B ne kawai, waɗanda suna cikin abubuwan da OCR ta fi rikitawa. Wanda ya nemi magani da lambar da ba ita ba zai sami amsoshi masu yawa, masu kama da gaskiya, ya kwana yana gyaran abin da bai lalace ba.

Irin wannan lamba tana da ƙa'idar da ke sauƙaƙa bincike. Bayan 0x ba a amfani da komai sai 0 zuwa 9 da A zuwa F, kuma a waɗannan lambobin na Windows guda takwas ne. Don haka duk O ko I ko S ko ƙaramin l da ya bayyana kuskure ne kai tsaye, haka ma in sun zama bakwai ko tara. Abin da ƙa'idar ba za ta kama ba shi ne 8 da B, da kuma 0 da D, saboda dukkansu halal ne a wurin. Su sai an faɗaɗa hoton an duba. Hanya ta biyu ita ce a gwada ma'anar lambar da kalmomin da ke tare da ita a saƙon. In saƙon yana maganar hana izini, lambar da aka saba gani ita ce 0x80070005. In abin da ka samu yana nufin wani abu can daban, koma ka sake kallon hoton.

Abin takaicin shi ne sau da yawa ba a ma buƙatar hoton. Yawancin ƙananan akwatunan saƙo na Windows, in ka danna kansu ka matsa Ctrl+C, za su kwafe taken da saƙon da sunayen maɓallan gaba ɗaya, sai ka liƙa a Notepad. Ba kowace manhaja ce take yarda ba, amma gwajin daƙiƙa biyu ne. Saƙon da ya fito a baƙin allon umarni shi ma rubutu ne da ake iya zaɓa. Hoto ya zama dole ne a wurare kamar allon da Windows yake nunawa idan kwamfutar ta tsaya cak, kuma a can akwai suna da manyan haruffa irin CRITICAL_PROCESS_DIED, wanda ya fi lamba sauƙin karantawa, sai dai a tabbata layin ƙasan da ke tsakanin kalmomin bai ɓace ba.

Idan za a liƙa saƙon a wurin bincike ko a tura wa mai gyara, a cire abin da ya keɓanta da kwamfutarka, kamar sunanka da ke cikin adireshin fayil. Barinsa yana hana bincike samun saƙonni irin naka, yana kuma fallasa abin da ba a nufa ba. Umarnin da aka ciro daga hoto kuwa kada a kunna shi sai an karanta shi harafi-harafi. Gajerun layuka biyu na `--` sukan haɗe su zama dogo guda, alamar zance miƙaƙƙiya takan koma lanƙwasasshiya, `|` kuma yakan zama l ko I.

To, a buga da hannu ko a bar wa manhaja?

Masu cewa a buga da hannu suna mantawa cewa yatsa ma yana kuskure, irin nasa ne dai daban. Mutum yakan juya lambobi, ya buga 54 a maimakon 45, kuma alamar wannan ita ce ratar jimilla takan rabu da 9 ba saura. Saboda haka binciken da aka yi a sama wajibi ne ko ta wace hanya lambobin suka shigo, kuma lokacinsa kusan ɗaya ne.

A ganina girman jadawalin da irin kayan cikinsa ne suke yanke hukunci. Layi biyar ko shida, kafin ka gama yanke hoto da gyara gidajen da suka goce, mai bugawa ya gama. Layi arba'in zuwa sama masu jimilla a ƙasa, manhaja ta fi da nisa. Wanda ya fi wuya shi ne dogon jadawalin da ba shi da jimilla, cike da lambobin shaida ko gaurayen haruffa da lambobi. A irinsa dabarar da ta rage ita ce a karanta hoton da manhajoji biyu daban, a ajiye sakamakon gefe da gefe, a sa `=EXACT(A2,F2)` ya nuna inda suka saɓa. Inda suka saɓa ake fara komawa hoto. Inda suka yi daidai ma ana ɗibar layi goma a duba, domin in hoton ya dushe sosai, su biyun suna iya ganin 3 a inda 8 take.